Dutsen da Ramalan Ya Gani

Ni Gwadabe, mutumin Nariya ta ƙasar Kibiya, na yi shekara talatin da ɗaya ina sa hannu a ƙasan taswira, kuma har gobe idan aka ce mini Malam Gwadabe Safiyo sai in ji kamar sunan wani aka kira ni da shi. Wanda ya cancanci sunan nan yana kwance a maƙabartar Rurum. Sunansa Ramalan. Tun da ba wanda zai ba da labarinsa, to ni da na ci gurbinsa bari in bayar.

A ranin shekarar 1961 ma'aikatan safiyo, wato masu awon ƙasa, suka kafa zango a Rano. Shugabansu wani dattijo ne Bakano, Malam Ishiyaku, mai gajeren gemu da gajeren haƙuri. Ya nemi samarin da suka gama firamare su ja masa sarƙar awo, aka tara masa mu takwas. Da safe mu shiga daji, wani ya riƙe kan sarƙa, wani ya bi da gindinta, wani ya ɗauki sandar nan mai ja da fari. Bayan la'asar kuma ya zaunar da mu a wani aji ya koya mana lissafi da karatun taswira. Tun ranar farko ya faɗa mana gaskiya: ƙarshen rani za a yi jarrabawa, mutum ɗaya tak za a tura Kaduna ya koyi aikin sosai ya dawo malamin safiyo. Sauran kowa ya ci gaba da jan sarƙa ko ya koma gonar ubansa.

Kowa ya san wane ne mutum ɗayan nan. Haba! Ko jakin da ke ɗaukar mana kaya ya sani. Ramalan dogo ne siriri, mai manyan idanu, maraya, shi kaɗai ya rage wa uwarsa Iya Barira cikin 'ya'ya biyar. Kafin Malam ya gama rubuta lissafi a allo ya ba da amsa. Yakan dubi tazarar da ke tsakanin kuka da tsamiya ya ce sarƙa bakwai da rabi, a ja a tarar haka ne. Abin da ke ba ni haushi da shi, ba ya ko yin tunani. Ya gani, ya faɗa, shi ke nan. Ni kuwa sai na ƙirga da yatsu, har da na ƙafa in ta kama. Amma abokina ne, ɗakinmu ɗaya, akushinmu ɗaya. Ina ce masa ɗan dutse, don gidansu a gindin duwatsun Rurum yake, shi kuma yana ce mini Sarkin Barci.

Ba ƙarya ya yi mini ba. Ranar da Malam Ishiyaku ya kawo mana hotunan sama, waɗanda jirgi ya ɗauka daga can ƙoli, rabin darasin a gyangyaɗi na yi shi. Na dai ji yana cewa a ofis hoto biyu ake jerawa a leƙa ta wani tabarau mai ƙafa, sai tudu ya taso, kwari ya zurma. In kuwa hoto ɗaya ne a hannunka, to ka yi hattara da inuwa. Sau ɗaya ya faɗa, ya wuce zuwa wani abu. Ramalan ya ji, ya ma rubuta a littafinsa. Na gani da idona daga baya.

Ana jibi jarrabawa Iya Barira ta tako da ƙafa daga Rurum, da ƙunshi a kanta. Ta saƙa masa farin gwado, ta kawo dakuwa da ƙuli. Ta dube ni ta ce, "Gwadabe, an ce Kaduna akwai sauro. In ya tafi, kai za ka riƙa karanta mini wasiƙarsa, ka ji ko?"

Na ce, "To, Iya."

Ban ji zafin maganar ba, wallahi. Ni ma haka na ɗauka.

Jarrabawar sabon salo ce. Ba dogon rubutu, kowace tambaya da amsa huɗu a ƙasanta, ka zaɓi ɗaya ka zagaye. An yi lissafi, an yi ma'aunin taswira, sannan aka zo kashi na ƙarshe. Mai tsaron jarrabawar, wani akawu da aka turo daga Kano, ya bi ya ajiye wa kowa hoton sama guda ɗaya. A jikin hoton akwai 'yar kibiya mai nuna arewa, ga wani ƙauye a gefe, ga bishiyoyi kamar an watsa gero, sannan an zagaye wani abu da farar tawada, girmansa bai wuce farcen babban yatsa ba. Tambaya ta farko: mene ne a cikin da'irar? Dutse, ko busasshen kududdufi, ko kurmi, ko tafki mai ruwa. Tambayoyi huɗun da ke biye duk a kanta suka rataya: ina ruwan sama zai nufa in ya zuba a wurin, ko ya dace a kafa alamar safiyo da za a hango daga nesa, me ya sa hanyoyin ƙafa suka nufe shi, da kuma yadda za a zana shi a taswira. Kowace maki huɗu.

To ga abin da ya faru da ni, wanda ban faɗa wa kowa ba sai bayan shekara huɗu. Da akawun ya ajiye mini hotona, gwiwar hannuna ta ture shi ya faɗi ƙasa. Na ɗauko na ɗora yadda ya zo, ban ko kula da kibiyar ba. Na duba da'irar na ga rami ƙuru-ƙuru, kamar ƙwarya. Na zagaye kududdufi, na bi sauran a guje don lokaci ya kusa cika.

Ramalan kuwa, da yake ɗalibin kirki ne, sai ya daidaita hotonsa, kibiya ta dubi gaba, kamar yadda aka koya mana a ajiye taswira. Ya duba sau ɗaya. Ina jin sa ya yi 'yar dariya. Ya zagaye, ya zagaye, ya miƙa takarda ya fita, saura kusan rabin awa a tashi. Da na fito na same shi a gindin darbejiya yana cin dakuwar Iya.

Ya ce, "Sarkin Barci, ka ga ikon Allah? Dutsen bayan gidanmu suka kawo. Mai kama da tukunya a kife. A kansa na yi wayo."

Na ce, "Dutse? Ni rami na gani."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce mutumin Nariya ko Dala aka nuna masa rijiya zai ce. Na yarda na faɗi, na ma fara tunanin yadda zan gaya wa babana.

Bayan mako uku sakamako ya zo. Malam Ishiyaku ya tara mu, ya karanta a tsaye, bai dubi kowa ba. Gwadabe saba'in da tara. Ramalan saba'in da shida. Wani ya ce, "Kai!" Ramalan ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an yi kuskure."

Malam ya ce, "An yi. Zo nan."

Ya ciro hoton ya ajiye a tebur, kibiya tana duban gaba. "Me ka gani?"

"Dutse, Malam."

Sai ya sa yatsa biyu ya juya hoton, kibiya ta dubi cikin Ramalan. Ina tsaye a bayansa, na ga wuyansa ya sandare. Dutsen ya zurma a gaban idonmu ya koma rami. Malam ya sake juyawa, ya taso. Ya sake, ya zurma. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni tsoro da rana tsaka kamar wannan ba.

Malam ya ce, "Ido ya saba haske daga sama yake zuwa. Lokacin sanyi aka ɗauki hoton nan, rana ta karkata kudu, inuwa ta faɗi arewa. In ka sa arewa a gaba, haske ya zo ta ƙasan takarda ke nan, sai ido ya juya maka komai, tudu ya zama kwari, kwari ya zama tudu. Na ce muku a juya hoto inuwa ta faɗo wajen mai dubawa. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Ka faɗa, Malam."

"Bar ma wannan. A ce ka manta. Amsa nawa aka ba ka?"

"Huɗu."

"Nawa ka gwada?"



Malam ya ɗauki fensir ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin fushi. In kurmi ne, da ya yi duhu da ƙuraje-ƙuraje kamar kan bishiyoyin da ke gefe, wannan kuwa sumul yake. In ruwa ne, da launinsa ya zama ɗaya daga baki zuwa baki, ba rabi haske rabi duhu ba. Saura biyu. Ya nuna wata kuka kusa da da'irar, inuwarta ta kwanta arewa. Duk abin da ya taso daga ƙasa, inuwarsa gefen da ta kukar take za ta kasance. To duhun abin nan a kudu yake, a cikin da'irar, domin gaɓar kudu ce ta tare rana. Sannan ga hanyoyin ƙafa uku daga ƙauyen, duk sun shiga cikinsa sun ƙare. Ya ce, "Uban wa ke zuwa dutse da jaki kullum? Ƙasar gini suke ɗiba. Kai da ka ci saba'in da shida cikin tamanin a sauran takardar, rabin awa ka bari a tebur ka tafi cin dakuwa!"

Sai na ga dattijon nan ya juya ya fuskanci allo, ya daɗe yana share abin da babu. Shi ma Ramalan yake so ya tura.

A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce, Malam, ni fa ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba, hotona faɗuwa ya yi. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta. Da Malam ya ce, "Ka ga Gwadabe da kuke rainawa, shi ya natsu ya juya nasa," sai na sunkuyar da kai kamar mai kunya. Kunyar kuwa ta gaske ce, sai dai ba irin wadda suka zata ba.

Ranar da zan hau mota Iya Barira ta zo tasha. Ta miƙo mini gwadon nan, ta ce, "An riga an saƙa shi don Kaduna, to ya je Kadunan." Na ƙi karɓa, ta tura mini shi a ƙirji ta juya. Da shi na rufa shekara biyu, kuma ban taɓa jin daɗin barci a cikinsa ba.

Ramalan ya zauna a jan sarƙa, yana jiran jarrabawar baɗi. Abin da ya yi a shekarar nan daga bakin Malam Ishiyaku na ji. Ya roƙi tsofaffin hotuna da tsofaffin tambayoyi. Kowace tambaya sai ya ja layi huɗu a takarda, ya rubuta a gaban kowace amsa abin da ya kamata ya gani in ita ce gaskiya, sannan ya koma hoton ya nema. Ko da amsar farko ta yi masa daidai, ba ya zagayewa sai ya kashe sauran ukun da hujja. Ya juya hoto gabas, ya juya yamma. Ranar Juma'a, da ba a fita aiki, ya ɗauki hoto ya taka da ƙafa har wurin ya gani ko abin da ya ce haka ne. Mutumin da a da kafin ka rufe baki ya amsa, ya koma in ka tambaye shi ko gobe kasuwar Kibiya ce sai ya tsaya ya lissafa. Abokan aiki suka sa masa suna Bari-in-duba. Malam ya gwada shi da takarda uku, bai faɗi tambaya ko ɗaya ba.

Baɗin ta zo, aka sake doka. Daga yanzu sai mai takardar sakandare, an daina ɗaukar 'yan firamare. Malam Ishiyaku ya rubuta wasiƙa har sau biyu, aka amsa masa da layi uku. Ƙofar da ta buɗe mana sau ɗaya ke nan ta rufe, kuma ni ne a ciki.

A 1965, bayan na gama koyo na ɗan taɓa aiki a wasu wurare, aka turo ni gida, da wandon kaki da hular kwano, in auna hanyar da za a fitar daga Kibiya. Malam ya yi ritaya. Cikin ma'aikatan da aka ba ni, shugaban masu sarƙa Ramalan ne. Ya rame, ƙaya ta farfasa masa ƙafa, ya yi aure har da 'ya ɗaya, Ramlatu. Ya tare ni da fara'a, ya ce, "Sarkin Barci, an zama manya!" Na ji sanyi a raina, na ce ashe bai riƙe ni ba.

A mako na biyu na shimfiɗa hoton sama a kan akwati na ja layin hanya ta kan wani wuri da na ce tudu ne mai tsauri. Yana tsaye a gefe da sanda. Ya bari sauran suka matsa, sannan ya ce a hankali, "Bari in duba." Ya juya hoton, ya nemi inuwar bishiya, ya bi da yatsa. Ya ce in tudu ne ga abin da za a gani, babu. In gona ce ga abin da za a gani, babu. Fadama ce ta bushe, da damina za ta haɗiye mota. Muka je muka tona, baƙar laka tun daga taƙi ɗaya. Shekara biyu a Kaduna, ga shi mai jan sarƙa ya fid da ni kunya. Rahoton da ya tafi Kano da sunana ya tafi, aka yaba mini.

Da aiki ya kawo mu Nariya, wata ranar da hantsi, ya ce in zo ya nuna mini wani abu. Ya ciro hoto daga aljihu, ya yi laushi don shafa. Hoton jarrabawar ne, Malam ya bar masa. Muka bi ta bayan gari, muka wuce wata kuka, muka gangara cikin kududdufi. Busasshe ƙayau, sai sawun jakuna da ɓaraguzan tubali. Ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannuwa.

Ya ce, "Ga dutsena. Shekara biyu ina nemansa."

Na dubi kukar, na dubi hanyoyin nan uku. Inna lillahi! Kududdufin garinmu ne. A cikinsa na koyi iyo, da ƙasarsa aka gina ɗakin da aka haife ni.

Ya ce, "Da na gano shi sai hankalina ya kwanta. Na ce ashe Gwadabe garinsu ya gani ya gane. Ni na ga na wani na ce nawa ne, kai ka ga naka ka san shi. Ka ga ai ba a zalunce ni ba."

Da na yi shiru da ya mutu da wannan kwanciyar hankalin. Amma ni ba na iya shiru sai inda shiru zai amfane ni, a nan kuwa abin ya fi ƙarfina. Na ce, "Ramalan, ban gane shi ba. Sai yanzun nan da ka kawo ni. Hotona faɗuwa ya yi, na ɗauko shi a juye. Ban san zancen inuwa ba, barci nake yi ranar."

Ya dube ni da manyan idanun nan. Ya ce, "Ranar da Malam ya yabe ka, ka sani?"

"Na sani."

"Da Iya ta ba ka gwado?"

"Na sani."

Ya sunkuya ya ɗauki wani ɓallin tubali, ya jujjuya shi, ya ajiye a inda ya ɗauka. Ya ce, "Bari in duba. In ka faɗa a ranar, za a sake makin? Ba za a sake ba, ka zagaye daidai. In hotonka bai faɗi ba, ka rasa ashirin, na wuce. To amma in na gwada amsa huɗun nan, ko hotonka ya faɗi sau goma ba ka kamo ni. Rabin awa na bari." Ya ninke hoton ya mayar aljihu. "Duk ta inda na juya shi, ni ne."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ba abin yafewa. Sannan ya dubi rana ya ce, "Ranka ya daɗe, yara suna jira. Daga wace ƙusar awo za mu tashi?"

Bai taɓa ce mini ranka ya daɗe ba sai ranar, kuma daga ranar bai sake kirana da wani suna ba. Na yi masa faɗa, na roƙe shi, har zaginsa na yi don ya rama. Ko kusa. Shekara goma sha tara muka yi tare bayan nan. Kowace taswira kafin in sa hannu sai ya duba ta gabas da yamma, kuma ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba. Na nema masa ƙarin girma sau huɗu, sau huɗu ana tambayata takardarsa. Yana jan sarƙa ƙafarsa ta kumbura, ya koma Rurum, bai shekara ba ya rasu.

Bayan sadakar bakwai Ramlatu ta kawo mini wata 'yar jakar fata, ta ce, "Baba ya ce a ba ka." Hoton ne. Na juya bayansa, na ga layi huɗu da rubutunsa na fensir, dutse, kududdufi, kurmi, tafki, kowanne da hujjarsa a gaba, ya soke uku ya zagaye ɗaya. Na nemi ko ya bar mini wata kalma, ko da zagi ne, ko Sarkin Barcin nan. Na duba gefe da gefe, har na kai shi hasken ƙofa. Babu.